Mabiya dubu ashirin, masu gani ɗari shida: yadda Facebook ke jera fostin da abin da ya sa shafukan kasuwanci ke komawa baya

Yawancin masu shafin kasuwanci suna lissafi ne kamar haka: ina da mabiya dubu ashirin, don haka duk abin da na ɗora ya kamata ya je wa mutum dubu ashirin, in kuwa bai je ba to wani ne ya tare shi a hanya. Wannan lissafin bai taɓa zama daidai ba, ko a zamanin da abubuwa ke da sauƙi. A 2012 Facebook da kansa ya ce matsakaicin fostin na shafi yana isa ga kusan kashi 16 cikin ɗari na mabiyansa. A farkon 2014 wani bincike na kamfanin talla na Ogilvy ya gano adadin ya sauko zuwa kusan kashi 6, a shafukan da suka haura mabiya dubu ɗari biyar kuwa kusan kashi 2. Tun daga lokacin alƙaluman ba su koma inda suke ba.

Abin da mabiyi ke ba shafi shi ne izinin shiga takara, ba kujera ba. Duk lokacin da mutum ya buɗe manhajar, ana tattaro abubuwan da za a iya nuna masa, a ba kowanne maki, a jera su daga mai yawan maki zuwa mai ƙaranci, shi kuma ya duba iya abin da lokacinsa da datarsa suka ba shi dama ya rufe. Fostin ɗin shago yana shiga wannan takara sau dubbai, sau ɗaya a wayar kowane mabiyi, kuma adadin da ake gani a ƙarƙashin Reach jimillar wuraren da ya yi nasara ne kawai. Wanda ya gane wannan zai gane sauran bayanin cikin sauƙi.

Matakai huɗu na jeri

Facebook ya sha bayyana tsarinsa da matakai huɗu, kuma ko da yake cikin injin ya sauya sau da yawa, ƙashin bayan yana nan.

Mataki na farko tara kaya ne. Ana haɗa duk abin da abokan mutum, zaurukan da yake ciki da shafukan da yake bi suka ɗora tun rabonsa da manhajar, a ƙara da tsofaffin da bai kai ga gani ba, da waɗanda ya gani amma sabuwar muhawara ta ɓarke a ƙarƙashinsu. A watan Yunin 2014 Brian Boland, wani jami'in sashen talla na kamfanin, ya ce matsakaicin mutum yana da abubuwa kusan 1,500 da za a iya nuna masa a duk shiga, mai yawan abokai kuma har 15,000, alhali abin da ake jera masa bai wuce kusan 300 ba. Wato tun kafin a yi maganar son kai ko neman kuɗin talla, kashi huɗu cikin biyar na kayan sun riga sun faɗi a hanya saboda cunkoso kawai.

Mataki na biyu duba alamu ne: wa ya ɗora, yaushe, hoto ne ko bidiyo ko mahaɗi, mutane nawa suka tsaya a kai, wannan mai kallon ya saba mu'amala da wannan shafin ko kuwa wucewa yake yi, wace irin waya ke hannunsa. Har ƙarfin netwok ana dubawa. Tun 2015 kamfanin ya sanar cewa mai raunin intanet za a rage masa bidiyo a ƙara masa rubutu da abubuwa marasa nauyi, abin da ya shafi mai shafin da yawancin kwastomominsa ke wuraren da sabis ke zuwa yana ɗaukewa. Tsohon tsarin da ake kira EdgeRank abu uku kawai yake dubawa, kusanci da nauyin nau'in fostin da tsufansa. Zuwa 2013 injiniyoyin kamfanin suna maganar alamu kusan dubu ɗari. Duk wanda ke sayar da kwas yana koyar da EdgeRank a yau, tarihi yake koyarwa.

Mataki na uku hasashe ne, kuma a nan zuciyar al'amarin take. Injin ba ya tambayar ko fostin ɗin yana da kyau. Tambayarsa ita ce: idan na nuna wa wannan mutumin wannan abin yanzu, mene ne yiwuwar ya danna laik, ya yi tsokaci, ya tura wa wani, ya kalli bidiyon zuwa ƙarshe, ko kuma ya ɓoye shi? Kowace tambaya tana samun amsa tsakanin sifili da ɗaya. A bayanin da injiniyoyin suka fitar a Janairun 2021, sun ce ana fara tacewa da wani ƙaramin lissafi mara nauyi wanda ke zaɓo kusan 500 daga cikin tarin, sannan babban lissafi ya auna waɗannan ɗaya bayan ɗaya, daga ƙarshe a sake gyara jerin don kada bidiyo su jeru a jere ko abu iri ɗaya ya cika fuskar waya.

Mataki na huɗu shi ne haɗa hasashen ya zama maki ɗaya. A taƙaice siffarsa ke nan:

```
maki = (P_laik × W_laik) + (P_alama × W_alama) + (P_tsokaci × W_tsokaci) − (P_ɓoyewa × W_ɓoyewa)
```

Alama a nan ita ce irin ta soyayya ko dariya ko fushi da ake dannawa a maimakon laik. P shi ne yiwuwar da injin ya hasasa, W kuma nauyin da mutanen kamfanin suka ɗora wa kowane aiki. Hasashen na inji ne, amma nauyin hukuncin ɗan Adam ne, kuma ana iya sauya shi a taro ɗaya ba tare da an sanar da kowa ba.

Lissafin a aikace

Sau ɗaya aka taɓa ganin ainihin nauyin a fili. Takardun cikin gida da Frances Haugen, tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, ta fitar a 2021 sun nuna cewa a tsarin da aka kafa a 2018, laik maki 1 ne, alamar soyayya ko dariya ko fushi maki 5, tsokaci mai ma'ana kuma maki 30. An sauya waɗannan lambobi daga baya, misali an mayar da alamar fushi sifili a 2020, don haka ba su ne ke aiki yau ba. Amma suna da amfani wajen nuna yadda lissafin ke tafiya.

Mu ƙaddara wata mai sayar da atamfa da leshi a Kano tana da shafi mai mabiya 20,000, sannan mu ɗauki mabiyiya ɗaya da ta buɗe wayarta bayan sallar isha'i. Lambobin hasashen da ke tafe na misali ne. Abubuwa uku ne ke takara a wayarta.

Na farko hoton atamfa daga shagon, da farashi da lambar waya. Wannan matar ta daɗe ba ta taɓa komai na shafin ba, don haka injin ya ba ta yiwuwar laik 0.04, yiwuwar alama 0.01, yiwuwar doguwar magana 0.001. A ninka da 1 da 5 da 30, a haɗa: 0.04 da 0.05 da 0.03, maki 0.12.

Na biyu hoton sunan jaririn 'yar ƙanwarta. Yiwuwar laik 0.5, alama 0.3, tsokacin barka da addu'a 0.2. Jimilla 0.5 da 1.5 da 6, maki 8. Ya ninka na shagon fiye da sau sittin.

Na uku wata muhawara a wani zauren mata kan tsadar kayan lefe. Laik 0.05, alama 0.02, tsokaci 0.03, maki 1.05.

Ba wanda ya hukunta shagon a nan. Ba a rage masa komai ba. Kawai dai abin da ya kawo ba ya jawo irin aikin da aka fi ba nauyi, don ba wanda ke rubuta sakin layi a ƙarƙashin hoton atamfa mai farashi. Idan akwai abubuwa ɗari da suka fi 0.12 a wayar wannan matar, ita kuma ta duba talatin ta ajiye waya, to fostin ɗin yana cikin jerin amma idonta bai kai kansa ba.

Yanzu a ce mai shagon ta ɗora wani abu dabam: gajeren bidiyo tana juya atamfa biyu a hannu, tana nuna yadda rini ya ratsa gaba da baya a ɗaya, ɗayar kuma bayanta ya yi fari-fari, ga rubutun gefen ƙyalle, ga abin da ke faruwa idan an jiƙa ɗan gefe an murza. Irin wannan yana sa wadda aka taɓa cuta ta ba da labarinta, wata ta yi gardama, wata ta kira ƙawarta. A ce hasashen ya koma laik 0.06, alama 0.02, tsokaci 0.02. Maki ya zama 0.76, ninki shida na farko, daga shafi ɗaya zuwa ga mutum ɗaya. Har yanzu bai kamo hoton suna ba, kuma ba zai taɓa kamo shi ba, amma ya shiga cikin talatin ɗin da za a gani. A lura da inda ƙarin ya fito: laik ya ƙaru da 0.02 kacal, tsokaci ne ya kawo 0.57 daga cikin ƙarin 0.64.

Idan aka faɗaɗa zuwa mabiyan gaba ɗaya, ana iya ganin yadda dubu ashirin ke narkewa. A ce 5,000 asusu ne da aka yi watsi da su, ko na waɗanda suka bi shafin don gasar katin waya. Cikin 15,000 da suka rage, a ce 9,000 ne suka buɗe manhajar a ranar. Cikin waɗannan, fostin ɗin ya hau sama sosai a wayar mutum 600. Mai shafin za ta ga kashi 3 cikin ɗari ta ce an danne ta, alhali cikin waɗanda suke nan a ranar ta samu kusan kashi 7.

Me ya sa yake ta raguwa, ba wai ya tsaya a ƙasa kawai ba

Cunkoso shi ne sanadi na farko, kuma shi kaɗai ya isa ya ja adadin ƙasa kowace shekara. Masu ɗorawa suna ƙaruwa, kowane mutum yana ƙara bin shafuka da shiga zauruka, sa'o'in yini kuwa ba sa ƙaruwa.

Na biyu shi ne sauya nauyi da gangan, kuma wannan yana da ranaku sanannu. A Nuwamban 2014 kamfanin ya sanar cewa daga Janairun 2015 zai rage fostin na shafuka masu tsantsar talla, wato masu cewa "saya yanzu" ko masu kwafe kalaman tallan da aka biya. A Yunin 2016 ya ce abokai da dangi ne a gaba. A Disamban 2017 ya fara rage masu roƙon laik da tsokaci. Babbar girgizar ta zo ranar 11 ga Janairun 2018, lokacin da Mark Zuckerberg ya ce za a fifita mu'amala mai ma'ana tsakanin mutane, ya kuma faɗa ƙarara cewa za a ga raguwar abubuwan 'yan kasuwa da kamfanoni da kafafen labarai. Tsarin maki 1 da 5 da 30 daga wannan sauyin ya fito.

Akwai wani gwaji da ya nuna iyakar abin da kamfanin zai iya yi. A Oktoban 2017 ya cire fostin na shafuka gaba ɗaya daga babban Feed a ƙasashe shida, Sri Lanka da Bolivia da Slovakia da Serbia da Guatemala da Cambodia, ya mayar da su wani sashe dabam, sai wanda aka biya wa kuɗi ke fitowa a gaba. Kafafen labarai a can sun ga mafi yawan masu ganinsu sun ɓace cikin kwanaki. An janye gwajin a Maris na 2018 saboda mutane ba su so shi ba, amma darasin ya fito: gurbin shafi a Feed aro ne.

Na uku shi ne mafi girma a shekarun nan, kuma da yawa ba su lura da shi ba. Da can takarar tsakanin waɗanda mutum ya zaɓa ne da kansa. Bayan TikTok ya nuna ana iya riƙe mutum sa'o'i da bidiyon mutanen da bai sani ba, Meta, kamfanin da ya mallaki Facebook da Instagram, ya buɗe ƙofa. A Yulin 2022 Zuckerberg ya ce kusan kashi 15 na abin da ke Feed na Facebook daga asusun da mutum ba ya bi yake fitowa, kuma suna sa ran ya ninka. A Afrilun 2024 ya ce ya kai kusan kashi 30 a Facebook, a Instagram kuma ya haura rabi. A koma ga matar da ke duba fostin talatin. Idan kusan tara daga ciki na baƙi ne, wasu kuma talla ne da aka biya, guraben da suka rage wa danginta da zaurukanta da duk shafukan da take bi ba su kai ashirin ba. Abokin takarar mai atamfa yanzu ba maƙwabciyarta ta Kantin Kwari ba ce kaɗai, har da duk wani bidiyon barkwanci ko girki da ya yi tashe a ranar, daga ko'ina.

Ana yawan tambaya ko duk wannan dabara ce ta tilasta wa mutane biyan kuɗi. Boland ya musanta hakan a rubutunsa na 2014. Bayanin cunkoso gaskiya ne, ba a buƙatar wata maƙarƙashiya kafin a fahimci raguwar. Amma kamfanin da ya samu kusan dala biliyan 132 daga talla cikin kuɗin shiga kusan biliyan 135 a 2023 ba shi da wani dalili na damuwa idan shago ya kasa isa ga mabiyansa kyauta. Ba sai ya danne ka ba, ya isa ya ƙi ɗaga ka.

Ramin da shafi ke haƙa wa kansa

Sanadi na huɗu yana hannun mai shafin, kuma shi ne wanda ake iya gyarawa. Hasashen injin daga tarihi yake fitowa. Duk lokacin da aka nuna wa mutum fostin ɗin shafi ya wuce bai tsaya ba, an rubuta. Gobe hasashen zai ɗan ragu, fostin ɗin ya ɗan sauka a jeri, damar ganinsa ta ragu, damar mu'amala ta ƙara raguwa. Da haka mabiyi ke zama mabiyi a suna kawai, ba tare da ya taɓa danna Unfollow ba. Shafin da ke ɗora hotuna goma sha biyar a rana, kowanne da "available" da lambar waya, yana koya wa injin sau goma sha biyar a rana cewa mutane wucewa suke yi.

Mabiyan saye da na gasa suna ƙara zurfin ramin. Asusun bogi da ba ya buɗewa illarsa kaɗan ce, lissafin kashi kawai yake ɓatawa. Wanda ya fi cutarwa shi ne mutum na gaske da ya bi shafin don a ba shi katin ɗari biyar, ba ruwansa da atamfa. Shi yana buɗe manhajar, ana nuna masa, yana wucewa, wani lokaci ma ya danna Hide post. Yana shiga cikin ma'aunin yadda jama'a suka karɓi fostin ɗin, yana ja da shi ƙasa har a wayar masu sha'awa ta gaske.

Roƙon mu'amala shi ma haka. Kamfanin ya lissafa iri biyar da yake ragewa: roƙon ƙuri'a da alamu, roƙon alama, roƙon yaɗawa, roƙon ambaton aboki, da roƙon tsokaci. "Duk wanda ya gani ya rubuta Amin" da "kira mutum biyar ka ci kyauta" duk suna ciki, kuma shafin da ya mayar da shi sana'a ana rage shi gaba ɗaya, ba fostin ɗin kaɗai ba. Akwai kuma wata dabara da ta yaɗu a shafukan saye da sayarwa, ta ɓoye farashi don mutane su cika ƙasa da "nawa?", mai shafi yana amsawa da "duba inbox". Tana kawo adadi, gaskiya ne. Sai dai kalma ɗaya da aka maimaita sau arba'in ba hira ba ce, kuma mai saye da ta tambaya sau biyu aka tura ta akwatin saƙo, a karo na uku wucewa take yi. An sayi tsokacin yau da hasashen gobe.

Mahaɗin da ke fitar da mutum daga manhajar yana da tasa matsalar. Rahoton da Meta ke fitarwa duk wata uku tun 2021 kan abubuwan da aka fi gani a Amurka ya nuna a shekarun baya-bayan nan cewa fiye da kashi 90 na abin da ake gani a Feed ba ya ɗauke da mahaɗi. Wannan bai tabbatar da wani hukunci na musamman ba, don mutane da kansu ba su cika danna mahaɗi ba, balle mai lallaɓa data. Amma ga mai shafi sakamakon ɗaya ne: fostin da ba shi da komai sai mahaɗi da "danna nan" ba ya zuwa da nisa. Abin da ke aiki shi ne a saka amfanin a cikin fostin ɗin kansa, mahaɗin ya zama ƙari ga mai son ci gaba.

Sai bidiyon aro. Ɗauko bidiyon wani da tambarin TikTok a jikinsa a ɗora ya daina biya. Instagram ya sanar a Afrilun 2024 cewa asusun da ya ɗora kayan wasu sau goma ko fiye cikin kwana 30 ba tare da ya ƙara komai ba za a cire shi daga shawarwari, Facebook kuma ya sanar da irin wannan matsin a Yulin 2025.

Ƙofar baƙi

Sauyin da ya cinye guraben mabiya shi ne kuma ya buɗe wata hanya. Tunda kusan kashi ɗaya cikin uku na Feed na baƙi ne, shafi mai mabiya 800 yana iya isa ga mutum dubu hamsin da ba su taɓa jin sunansa ba. Dokar wannan ƙofar dabam ce. Babu tarihi tsakanin shafin da mai kallo, don haka abin da aka ɗora ne kaɗai ke magana. Instagram ya bayyana cewa yana fara nuna abu ga ƙaramin rukuni, in ya karɓu a faɗaɗa, in ya sake karɓuwa a ƙara. A Janairun 2025 shugabansa Adam Mosseri ya ce alamu uku ne suka fi nauyi, tsawon kallo da laik da turawa ga wani, kuma turawa ta fi tasiri wajen isa ga waɗanda ba mabiya ba. Ana auna su ne da adadin waɗanda suka gani, ba jimilla ba: turawa 40 cikin masu gani 1,000 ta fi turawa 100 cikin 20,000.

Shi ya sa daƙiƙun farko na bidiyo ke yanke hukunci. Bidiyon atamfar nan idan ya fara da tambarin shago yana juyawa, sai sallama da gaisuwa da godiya ga mabiya, baƙon da bai san mai maganar ba ya wuce kafin a zo kan ƙyallen. Idan ya buɗe da hannu yana juya bayan atamfar, muryar tana cewa "kin ga nan? in ya yi fari haka, ba ita ba ce," an riƙe shi. Gaisuwar tana iya zuwa daga baya.

Wannan ƙofar tana da iyaka da ya kamata a sani. Baƙi dubu hamsin da ke warwatse daga Legas zuwa Yamai zuwa Jidda ba lallai su fi wa shagon da ke kai kaya cikin Kano amfani a kan mabiya ɗari shida na gari ba. Adadin yana daɗin kallo, amma ba shi ne ciniki ba.

Gane inda matsalar take

Kafin a yanke hukunci, a fitar da alƙaluman fostin 30 na ƙarshe daga Insights a Meta Business Suite, a raba su gida-gida: hoto, bidiyo, mahaɗi, rubutu zalla. A kowane gida a jera su daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. Kada a haɗa a raba, don fostin ɗaya da ya yi tashe zai ɓata lissafin. A kwatanta da wata uku baya. A kuma tabbatar ma'auni ɗaya ake kwatantawa, domin daga ƙarshen 2024 Facebook ya mayar da Views babban ma'auninsa, shi kuwa yana ƙirga sau nawa aka gani ne, mutum ɗaya yana iya zama uku. Reach mutane yake ƙirgawa. Ma'aunan da kansu sun taɓa yin kuskure: a Nuwamban 2016 kamfanin ya amsa cewa adadin isa na kwana 28 da yake nunawa a allon shafuka ya yi yawa, kuma gyaran zai rage shi da kusan kashi 55.

Siffar faɗuwar ita ke nuna sanadi. Idan a hankali take sauka tsawon watanni a kowane gida, cunkoso ne da sanyin mabiya, maganinta kuma rage yawan ɗorawa da ƙara nauyin kowane fostin: uku ko huɗu a mako masu jawo magana sun fi ashirin da ake wucewa. Idan gida ɗaya ne ya faɗi, misali mahaɗi ko hoto, sauran suna nan, nauyin wannan nau'in ne ya sauya. Idan kuwa faɗuwar ta zo dare ɗaya, kamar daga 2,000 zuwa 200 a komai, a fara duba Page status a cikin saitin shafin, inda ake nuna ko an karya wata doka da kuma ko shafin ya cancanci a nuna shi ga baƙi. Alamar da ta fi fayyace wannan ita ce rabon mabiya da waɗanda ba mabiya ba: in na mabiya yana nan yadda yake amma na baƙi ya koma kusan sifili, an cire shafin daga shawarwari ne. Masu sayar da maganin gargajiya da kayan gyaran jiki sun fi faɗawa nan, saboda alƙawarin warkarwa ko rage ƙiba da aka zuzuta yana cikin abin da Meta ya ce ba ya tallata wa baƙi ko da bai goge shi ba.

A bidiyo kuma a duba zanen riƙe masu kallo. Gangarowa mai tsanani a daƙiƙa uku na farko matsalar buɗewa ce. Gangarowa a tsakiya tana nuna daidai wurin da maganar ta yi tsawo, sai a je wannan daƙiƙar a ga me aka faɗa.

Game da Boost post, akwai zargin da ya yaɗu cewa da zarar ka biya sau ɗaya sai a rage maka na kyauta don ka ci gaba da biya. Abin da aka fi gani yana da bayani mafi sauƙi. Tallan da aka saki ba tare da an taƙaita gari da shekaru da sha'awa ba yana kwaso laik da mabiya mafi arha, wato mutanen da ke danna komai ba sa sayen komai, su kuma su zauna cikin mabiya suna wuce fostin na gaba. Idan za a biya, a zaɓi fostin da ya riga ya fi na tsakiya da kansa cikin kwana ɗaya ko biyu, a taƙaita shi ga garuruwan da ake kai kaya, a sa manufarsa ta zama saƙo ba laik ba, sannan a auna shi da kuɗin da kowane saƙo ya ci da kuma saƙo nawa ya zama ciniki. Naira dubu goma da ta kawo saƙo 25, biyar suka saya, tana nufin kowane mai saye ya ci naira dubu biyu, sai a duba ko ribar turmi ɗaya ta ɗauki wannan.